Yadda Amarya Za Ta Rubuta wa Mai Hoto Saƙo Kan Gyaran Fuska

Kusan kowace amarya da ta zo karɓar hotunanta tana ƙorafi, ƙorafin nata ɗaya ne: "Wannan ai ba ni ba ce." Hoton ya yi haske, leshi ya fito, amma fuskar ta koma ta 'yar tsana, babu ƙwayar fata ko ɗaya, hanci ya kusan narkewa cikin kumatu, an kuma ƙara mata hasken da ita ma ba ta san kanta da shi ba. In ka tambaye ta ko ta yi wa mai hoton bayani tun farko, sai ta ce ta yi, ta ce masa kada gyaran ya yi yawa. To a nan gizo ke saƙar. "Kada ya yi yawa" ba umarni ba ne da mai aiki zai iya bi, domin abin da ke da yawa a idonki, a idonsa shi ne aikin yau da kullum. Na daɗe ina gyaran hotunan biki, kuma na lura amaren da suka samu abin da suke so su ne waɗanda suka rubuta buƙatarsu filla-filla kafin biki. Ga yadda ake rubutawa.

Abin da za ki tanada

Ki samo hotunanki biyu da aka ɗauka da rana, a inuwa ko kusa da taga, ba tare da filta ba: ɗaya babu kwalliya, ɗaya da kwalliya. Ki duba saitin kyamarar wayar, domin wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne a kyamarar gaba, sai an kashe shi. Waɗannan hotuna su ne shaidar ainihin launinki. Sannan ki shiga shafin mai hoton kansa ki zaɓo aikinsa guda biyu, wanda gyaransa ya yi miki da wanda ya wuce gona da iri. Aikinsa nake nufi, kada ki ɗauko na wani. In kin nuna masa abin da hannunsa ya taɓa yi, ba shi da hujjar cewa ba zai iya ba, ba kuma zai ji kamar kina gwada shi da abokin hamayyarsa ba. Sai madubi da takarda, da kuma yarjejeniyar da kuka yi, ko da saƙonnin WhatsApp ne, don ki san hotuna nawa ne kuɗinki ya ɗauki nauyin gyarawa.

Mataki na 1: Ki san abin da ake yi wa hoto bayan an ɗauka

Aiki biyu ne ake haɗawa a kira su editin. Na farko shi ne daidaita haske da launi, wanda ake yi wa duk hotunan biki, galibi a Lightroom. Wannan ba a guje masa, musamman a ɗakin taron da aka cika da fitilu shuɗɗa da jajaye, inda fatar kowa ke canza launi. Idan kika ce "kada a taɓa hotona sam", wannan aikin kika hana, kuma za ki karɓi hotuna masu duhu-duhu da launi a karkace.

Na biyu shi ne gyaran fata, kuma shi ma hanya biyu gare shi. Akwai ta hannu: a buɗe hoton a Photoshop, a ɗauki Healing Brush a bi ƙurji ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗan haskaka wuraren da suka yi duhu-duhu, a ɗan rage hasken da ya yi yawa, ba tare da an taɓa ƙwayar fatar ba. Hoton kusa guda ɗaya yana iya cin rabin awa ko fiye. Akwai kuma ta sauri: a ja ma'aunin Texture ko Clarity zuwa ƙasa, ko a saka manhaja irin Portraiture da ƙarfi, ko a raba hoton gida biyu, launi daban ƙwayar fata daban, a dame launin da Gaussian Blur har ya zama shafe. Kayan aikin ba su da laifi. Ma'aunin Texture, wanda Adobe ta ƙara a 2019, yana tafiya daga -100 zuwa +100. A wajena tsakanin -10 da -20 a kan kumatu da goshi kawai ba ya ɓata komai, amma wanda ya kai shi -70 a kan fuska gaba ɗaya ya goge mutum.

Me ya sa masu hoto ke bin ta sauri? Biki ɗaya, daga kamu zuwa dina zuwa buɗar kai, yana tara hotuna ɗaruruwa, amarya kuma tana so a ba ta cikin mako. Ƙari a kan haka, yawancin masu kawo aiki da kansu suke cewa a haska su, a goge musu fuska, har hannu ya saba. Wanda bai ji komai daga gare ki ba zai ɗauka abin da kike so ke nan. Sanin wannan zai sa ki rubuta saƙon ba da faɗa ba.

Mataki na 2: Ki raba abin cirewa da abin bari

Wannan ne zuciyar saƙon, kuma a nan ya kamata ki ɓata lokaci gaban madubi. Masu gyaran hoto suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: abin da ba zai kai mako biyu a jiki ba, a cire; abin da yake naki ne na dindindin, a bari. Ƙurjin da gajiyar biki ta fito da shi, jambakin da ya taɓa haƙori, kwallin da ya zubo bayan kukan rabuwa da gida, zaren mayafi da ya ratsa goshi, duk waɗannan na wucewa ne. Wushirya, tawadar Allah, zanen gado ko tsagar da aka yi miki tun yarinta, lotsawar kumatu in kin yi murmushi, sajen da ya kwanta a gefen fuska, layukan da ke fitowa a gefen ido lokacin dariya, waɗannan ke ce. Dole ki ambace su da suna da kuma gefen da suke, domin wanda ke gyaran bai san ki ba, ɗigon baƙi a kumatu kuwa a allon kwamfuta bai bambanta da tabon ƙurji ba.

Akwai rukuni na uku da amare ke mantawa: abin da za a rage amma ba za a share ba. Maiƙon goshi da na hanci shi ne babban misali. Fata mai duhu tana nuna siffarta ne ta hanyar hasken da ke sauka a kan ƙashin kumatu da karan hanci da goshi. In aka share wannan hasken duka, fuskar sai ta baje, ta rasa tudu da kwari. Haka duhun ƙarƙashin ido: a rage shi zuwa rabi, amma in aka goge layin da ke ƙarƙashin fatar ido gaba ɗaya, idon sai ya zama kamar an liƙa shi. Tsofaffin tabon ƙuraje ma a nan suke. Ke kaɗai kika san ko kina so a bar su ko a sassauta su, kuma babu abin kunya a kowanne. Abin da ba a so shi ne ki yi shiru wani ya yanke miki hukunci.

Mataki na 3: Launin fata a ba shi layinsa daban

Ƙara haske da goge fata aiki biyu ne daban, don haka in kin hana ɗaya ba ki hana ɗayan ba. Ki rubuta a fili cewa launinki ya zauna yadda yake a hoton rana da kika turo. Akwai dalilin sana'a ma bayan na son kai. Amarya mai duhun fata cikin farin leshi hoto ne mai wuyar ɗauka: in aka ƙara hasken hoton duka don fuska ta yi fari, zanen leshin sai ya ƙone ya zama farin fili, in kuma fuskar kaɗai aka haska, wuya da kunne da hannu su tona asiri. Hannun amarya kuwa kullum yana kusa da fuskarta a hoto saboda lalle.

Kan lalle, ki ce kada a shafi hannu da ƙafa da gogewar fata. Siraran layukan baƙin lalle su ne abin da gogewa ke fara cinyewa, jan lalle kuma yana komawa ruwan lemo in aka yi wasa da launi.

Mataki na 4: Siffar jiki

Layi ɗaya ya isa: kada a yi amfani da Liquify a rage hanci, haɓa, damtse ko ƙugu. In kina so a gyara wani abu, kamar inda rigar ta tattare a baya ko gwaggwaron da ya karkace, ki faɗe shi shi kaɗai.

Mataki na 5: Lokacin aikawa, da wanda zai karanta

Ki aika kafin ki biya kuɗin farko, ko aƙalla kafin hotunan kafin biki, domin gyaran hannu yana cin lokaci kuma yana iya canza farashi ko ranar bayarwa. Wanda aka gaya wa bayan ya gama gyara hoto ɗari uku yana da gaskiya in ya nemi ƙarin kuɗi.

Ki rubuta, kada ki dogara da saƙon murya ko hirar baki a situdiyo. A wurare da yawa wanda ya riƙe kyamara daban, wanda ke zama gaban kwamfuta daban, wani lokaci ma a wani gari yake. Rubutaccen saƙo ana tura masa shi kai tsaye yadda yake. Maganar baki kuwa tana isa gare shi a matsayin "ta ce a sassauta". Ki kuma nuna wa ango da duk wadda za ta iya kiran mai hoton, uwa ko goggo ko babbar ƙawa, abin da kika rubuta. Yana faruwa amarya ta ce a bar launinta, daga baya wata ta bugo ta ce a ɗan haska yarinyar, mai hoto kuma ya bi maganar wadda ta biya kuɗi.

Hotunan misalin ki tura su ta Document a WhatsApp. In an tura su ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse su ta rage girmansu, ƙwayar fatar da kike son nunawa sai ta ɓace tun a hanya.

Mataki na 6: Rubuta saƙon

Mu ɗauki amarya mai duhun fata, mai wushirya da tawadar Allah a kumatu, wadda za ta yi kamu da dina, kuma yarjejeniyarta ta ƙunshi hotuna 30 masu cikakken gyara da firam babba ɗaya. Ga yadda saƙonta zai kasance:

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali?

Na zaɓi aikinka ne saboda yadda kake kama haske da launin kaya, musamman hoton amarya mai koren leshi da na turo maka. Kafin biki ya zo, ina da wata alfarma kan gyaran fuska, na ga gara in rubuta don ka samu damar tura wa mai yi maka editin.

Ina so in ga fatata a hoto, har da ƙananan ramukanta in an zuƙo. Cikin hotunan aikinka biyu da na turo, gyara irin na hoton farko ya yi mini. Irin na hoto na biyu, inda fuskar ta yi santsi gaba ɗaya, ya fi ƙarfin abin da nake so.

Don Allah a cire: duk ƙurjin da ya fito a ranakun biki, jambaki a haƙori, kwalliyar da ta zubo, da gashi ko zaren da ya ratsa fuska.

A rage amma kada a share: maiƙon goshi da hanci, duhun ƙarƙashin ido kamar rabi, da tabon ƙuraje a haɓa.

A bari yadda suke: wushiryata, tawadar Allah da ke kumatuna na hagu, sajena, da layukan murmushi.

Launin fatata ya zauna kamar yadda yake a hotunan rana guda biyu da na haɗo, fuska da wuya da hannu su zama ɗaya. Kada a goge hannu da ƙafa saboda lalle. Kada a rage mini hanci, haɓa, damtse ko ƙugu. Haka nake so a yi wa Mama da Hajiya Kaka, a bar musu fuskarsu.

Ina roƙon ka fara gyara hotuna uku daga na kafin biki, ɗaya na kusa sosai, ka turo mini ta Document in gani, kafin a ci gaba da sauran. Ka kuma adana mini fayilolin asali har sai na amince da wanda za a wanke a firam. In wannan zai ƙara lokaci ko kuɗi, ka sanar da ni yanzu mu daidaita. Na fi son hotuna 20 da aka gyara a natse a kan 30 na gaggawa.

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara buɗi.

Sai ta sa sunanta da ranakun bikin a ƙasa.

Ki lura da tsarin. Ta fara da abin da ya ja ta zuwa gare shi, kuma yabon na gaskiya ne mai nuni ga hoto takamaimai, don haka sauran saƙon ba zai zo masa a matsayin raini ba. Ba ta koya masa aikinsa ba. Ba ta ce ya sa ma'auni kaza a lamba kaza ba, sakamako ta bayyana, ta bar masa hanya. Wannan yana da muhimmanci, domin amaryar da ta kwaso sunayen kayan aiki ta jera wa mai sana'a tana sa shi ya ɗaure fuska tun kafin ya karanta sauran. Ta ambaci iyaye, abin da kusan kowa ke mantawa, alhali fuskar dattijuwa ce gogewa ta fi ɓatawa, tunda saitin da aka yi wa amarya sau da yawa shi ake kwafa a liƙa wa kowa. Sannan ita ta fara buɗe maganar kuɗi, ta kuma ba da abin da za ta iya saki.

Mataki na 7: Ki haɗa da mai kwalliya

Sau da yawa gogewar da ake yi a kwamfuta ana yin ta ne don rufe matsalar da aka kawo daga kujerar kwalliya. Fandeshan da ya fi wuya haske yana tilasta wa mai gyara ya haska wuyan ko ya dushe fuskar. Wasu fararen hodoji na kammala kwalliya, musamman masu sinadarin silika, ba a ganinsu da ido amma suna mayar da hasken kyamara, sai ƙarƙashin ido ya fito fari fat. A ranar gwajin kwalliya ki sa a ɗauke ki a ɗaki mai ɗan duhu da fitilar waya a kunne, nan take za ki gani. Kwalliya mai kauri kuma tana tsagewa a layukan murmushi bayan awanni cikin zafi, tsagewar nan ce ke sa mai gyara ya kai hannu ga gogewa. Ki sa ƙawa ɗaya ta riƙe takardar tsane maiƙo, a riƙa dangwalawa ba gogewa ba kafin hotunan kusa. Dilka ko halawa, in ba ki taɓa yi ba, kada ranar jajibirin kamu ta zama ranar gwajinki.

Mataki na 8: Duba hotunan gwaji

Allon waya yana ruɗi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wayarki kuma tana nuna miki shi a kan ɗigo wajen 1080 a faɗi, wato kusan kowane hoto zai yi kyau a haka. Firam mai inci 16 da 20 kuwa ba ya ɓoye komai, kuma shi ne zai zauna a bango shekaru. Don haka ki buɗe hoton da yatsu biyu har ido da kumatu su cika allon.

Ki fara da kumatu kusa da hanci: ya kamata ki ga ƙananan ramuka da ɗan gashi siriri. Ki kwatanta goshi da wuya. In wuya yana da ƙwayar fata, goshi kuma shafe yake, an yi gogewa. Ki dubi gefen hanci da layin haɓa ko suna nan da kaifinsu, da inda goshi ya haɗu da ɗankwali ko akwai wani hazo-hazo. Farin ido da haƙora kada su yi fari mai shuɗi-shuɗi. Sannan ki kalli bayanki: ƙofa, labule ko layin tayil da ya lanƙwashe kusa da ƙugu ko damtse alama ce ta an matse jiki. Ki rage hasken allon wayar zuwa tsakiya, ki ajiye hoton kusa da na rana da kika tura, ki ga ko launin ɗaya ne.

In akwai gyara, ki zana da'ira a wurin ki mayar masa, ki ce abu ɗaya ko biyu takamaimai: "A nan kumatun ya yi santsi, a dawo da rabin ƙwayar fatar." Ki tattara duk abin da kika gani a saƙo ɗaya, domin yawancin masu hoto zagaye ɗaya ko biyu na gyara suke yi kyauta.

Idan hotunan sun riga sun iso a goge

Har yanzu da sauran dama, amma ya danganta da abin da mai hoton ya ajiye. In a Lightroom aka yi gyaran, hoton asali bai taɓu ba, mayar da ma'auni baya aikin mintuna ne, kuma ana iya yi wa hotuna da yawa a lokaci ɗaya. In a Photoshop ne kuma ya ajiye fayil ɗin PSD da shimfiɗunsa, zai rage Opacity na shimfiɗar gogewar, misali daga 100 zuwa 30 ko 40, fatar ta dawo. In fayil ɗin RAW kaɗai ya rage, sai an sake gyaran daga farko, don haka ki zaɓi hotuna goma ko sha biyar da za su shiga firam da albam, ki yi tsammanin ɗan ƙarin kuɗi in ba ki rubuta masa komai tun farko ba. In kuwa JPEG ɗin da aka goge shi kaɗai ya rage, ƙwayar fatar ta tafi. Ana iya yayyafa wa hoton ɗan tsakin ƙarya don ya rage santsi, amma ba fatarki ba ce, tawadar Allah da aka share kuma sai dai a zana wata. Saboda haka tambayar farko da za ki yi masa, tun kafin ki fara ƙorafi, ita ce ko fayilolin asali suna nan, ki kuma roƙe shi kada ya share su, domin masu hoto da yawa suna kwashe na tsohon biki daga ma'ajiya da zarar sabon aiki ya shigo.